Shawarwarin Malaman Kimiyya Kan Darasin Raba Gishiri da Yashi

A tattaunawar da wasu malaman kimiyya suka yi a birnin Kano, kan gwajin da ya fi dacewa wajen koya wa ɗalibai raba abubuwan da aka gauraya, ra'ayi ya fi karkata ga gishiri da yashi, domin kayan aikinsu suna da sauƙin samu: kofi biyu, farin ƙyalle mai tsabta, cokali, murfin tukunya da risho guda ɗaya.

Kowane rukunin ɗalibai zai haɗa cokali biyu na yashi da cokali ɗaya na gishiri, ya zuba ruwa rabin kofi, ya juya har gishirin ya narke, sannan ya tace da ƙyallen da aka ninka biyu. Wata malama ta ja hankali cewa a wanke yashin tun kafin ranar darasi, saboda ƙurar da ke cikinsa tana ratsa ƙyalle, ruwan ya fito da gurɓata, gishirin kuma ya yi launin ƙasa. A ganina wannan ce shawara mafi amfani.

Daga nan sai a zuba ruwan da aka tace a murfin tukunya, a ɗora a kan risho ya ƙafe, gishirin ya rage. Wajen ƙafar da ruwan ne haɗari yake. Malami kaɗai zai kunna wuta, tagogi a buɗe, ɗalibai su ja baya, masu hijabi kuma su tattare gefensa. A sauke murfin da tsumma tun da sauran ɗan ruwa, domin idan ya kusa bushewa gishirin yana tartsatsi, yana iya faɗawa ido. Kada kowa ya ɗanɗana. Inda babu risho, a shanya ruwan kaɗan a faranti cikin rana, a duba a darasi na gaba.