Fayil ɗin CSV ya cinye mini sifili: wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Ni ce sakatariyar ƙungiyar adashenmu. An turo mini sunayen membobi 214 da lambobin wayarsu a fayil ɗin CSV. Na danna shi sau biyu ya buɗe a Excel, na gyara suna uku, na adana. Da na zo tura saƙo sai na tarar duk sifilin farko ya ɓace, lambar da ta fara da 0803 ta koma 803. Wallahi abin ya tayar mini da hankali, don gobe ne taro. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya gaya mini yadda ya fita.

Baffa Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Ni ma an yi mini. Ki haska kolum ɗin, ki shiga Format Cells, Custom, ki rubuta sifili goma sha ɗaya. Nan take zai dawo.

Malam Habu: Baffa, a ido ne kawai yake dawowa. Danna kan lambar ka dubi sama, za ka ga 803 ɗin tana nan. Hajiya, matsalar daga danna sau biyu ta faro. CSV rubutu ne zalla, waƙafi ne kaɗai ke raba bayanan, babu abin da ke gaya wa Excel wannan lambar waya ce. Shi kuwa da ya ga alƙaluma sai ya ɗauka na lissafi ne, ya yar da sifilin gaba. Da kika adana, sai ya rubuta ɓarnar a cikin fayil ɗin kansa.

Ki koma saƙon da aka turo miki ki sake sauke na asali. Buɗe Excel babu komai, ki shiga Data, sai From Text/CSV. A tagar da za ta fito, wajen Data Type Detection ki zaɓi Do not detect data types, ki duba da idonki sifilin yana nan, sannan ki danna Load. In na asalin ya ɓata, lambar wayar Najeriya tana gyaruwa tunda mun san tsawonta, alƙaluma 11. In lambar tana gidan B2, ki rubuta wannan a wani kolum fanko:

```
=TEXT(B2,"00000000000")
```

Wanda ba ya gyaruwa shi ne lambar da ta wuce alƙaluma 15. Na taɓa rasa lambobin rasit masu alƙaluma 18 a wurin aiki, ukun ƙarshe duk suka zama sifili, sai da muka roƙi a sake turo mana.

Issoufou daga Maraɗi: Ni tawa daban ce. Excel ɗina na Faransanci ne, in aka turo fayil daga Kano sai komai ya cunkushe a kolum A, suna da gari da lamba a haɗe. Na daɗe ina zargin masu turowa, ashe kwamfutata waƙafi mai ruwa take jira, saboda a tsarinmu da waƙafi ake rubuta 2,5. Yanzu ina haska kolum A, in shiga Données, Convertir, wato Text to Columns a naku. In zaɓi Delimited, in sa alama a Comma. A mataki na uku kada a yi gaggawar Finish: a danna kolum ɗin lambar waya a zaɓi Text, in ba haka ba sifilin da ya tsira a nan zai tafi.

Zulai: Don Allah a kula da abin da ke gefen dama. Na raba sunayen ɗalibai gida biyu alhali makinsu yana kolum B. Excel ya tambaye ni ko ya maye gurbin abin da ke wurin, na danna OK ban karanta ba, sunan uba ya hau kan maki. Allah ya taimake ni ban rufe ba, Ctrl+Z ya dawo da su. Tun ranar sai na buɗe kolum uku fanko kafin in raba.

Baffa Ɗanjuma: To ni a waya nake buɗewa, can ma haka ne?

Maman Hanifa: Malam, Allah ya saka da alheri, sifili ya dawo. Amma ga wata: Ɗanladi ya fito da wasu alamomi, Bilƙisu kuma ta zama BilÆ™isu.

Malam Habu: A wannan tagar dai, wajen File Origin, ki zaɓi 65001: Unicode (UTF-8). Harafi mai ƙugiya gurbi biyu yake ci a fayil, in an karanta shi da tsohon tsari sai ya tsage ya zama alama biyu.

Zulai: Malam, ni har yau raba suna bai daidaita mini ba. Da Space na raba, masu suna biyu suka zauna lafiya, amma Nana Asma'u Bello ta ci gida uku, Asma'u ta faɗa gurbin sunan uba. Yara 40 na bi da hannu.

Malam Habu: Ni ma da hannu nake ƙarasawa, Malama. Ana iya yankewa a tazarar ƙarshe, to amma Sani Bello Gwarzo fa, da garinsu ne a ƙarshe? Nawa ne masu suna uku a ajinki?