Sunaye 180 a Excel, ya zan jera su sahu uku don bugawa?

Sabuwar Sakatariya: Assalamu alaikum. Ina da sunayen mahalarta taro 180 a column A, ina so in buga su a takardar sitika ta A4, L7160, mai gida uku a kwance, bakwai a tsaye. In tsara a Excel ko in koma Word? Jibi ne taron.

Baban Khairat: Excel ya isa. Sa wannan a C1, ki ja zuwa E1, sannan ki ja ƙasa har layi na 60:

```
=INDEX($A:$A,(ROW()-1)*3+COLUMN()-2)
```

Suna na 1, 2, 3 a layin farko, na 4 ya fara layi na biyu. Sitika 30 ne a shafi, takarda shida ta ishe ki.

Tsohon Akawu: Malam, 30 na 5160 ne, takardar Letter. Tata 21 ce, kenan takarda tara, ta ƙarshe da suna 12. Lissafinka zai jera sunayen, amma wa zai daidaita kowane gida ya zama 63.5 da 38.1 mm? Hajiya, ki buɗe Word: Mailings, Start Mail Merge, Labels, ki zaɓi L7160, sannan Select Recipients ki ɗauko fayil ɗin Excel. Ki fara sa kanu a A1 na Excel ɗin, in ba haka ba Word zai ɗauki sunan farko a matsayin kanu. Bayan Insert Merge Field, kada ki manta Update Labels. In kin manta, suna ɗaya zai fito a kowane shafi.

Maman Biyu: Wallahi Word ɗin nan ne ya sa ni kuka bara. A allo komai daidai. Na mayar PDF na buga takarda goma sha biyu ban duba ba. Sahun sama lafiya, amma kafin a kai ƙasa sunaye sun zame, rabi a wannan sitika rabi a waccan. Daren taro na zauna da alƙalami ina rubutawa har asuba, da safe kuma aka yi min faɗa gaban mutane.

Tsohon Akawu: Sannu. Amma ba laifin Word ba ne, Fit aka bari maimakon Actual size, shafin ya ɗan tsuke. A fara bugawa a farar takarda, a ɗora kan ta sitikar a ɗaga wa haske.

Baban Khairat: Shekara nawa ina yi da Excel ba wanda ya koka.

Maman Biyu: Kai da almakashi kake yankawa, ita sitika ta ce.

Ɗan Auta: Kowa ya zo da biro ya rubuta nasa, a huta 😂

Mai Lanƙwasa: Ni abin da ke ƙona min rai, a buga suna ƙ ko ɗ ta koma akwati, don font ɗin ba shi da su. Sau biyu ana miƙo min nawa haka.

Sabuwar Sakatariya: Na gode. Na bi Word, amma sunaye huɗu sun yi tsawo sun karye biyu. In rage girman duka ko nasu kaɗai?