Jawabin sallamar Malam: wa ya taɓa yi?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum. Malaminmu na lissafi ya cika shekara 60, zai ajiye aiki. Tsofaffin ɗalibai sun ce ni zan yi jawabi, minti biyar aka ba ni. Ta ina zan fara?

Tsohuwar shugabar makaranta, Asawase: Wa alaikumus salam, ɗana. Minti biyar ɗin ba naka ba ne duka, gaisuwa za ta ci ɗaya. Ka gai da shugaban taro, wakilin hukumar ilimi ta Ghana wato GES, liman da sarakuna da muƙamansu, kada ka tsaya jera sunaye, mai gabatarwa ya riga ya yi. Sauran lokacin ka ba labari guda ɗaya tak, wanda ka gani da idonka. A bikin wani abokin aikina, ɗalibarsa ba ta ce "mutumin kirki ne" ko sau ɗaya ba. Cewa ta yi, ana saura wata uku jarrabawar BECE babanta ya ce ta bar karatu ta kama tallan koko. Malam ya je gidan bayan Magariba, ya zauna a tabarma har baban ya sauko. Ta ce yau ita nas ce, ta gode wa matarsa, ta yi addu'a, ta zauna. Ko minti huɗu ba ta cika ba, sai ga dattijon yana share hawaye.

Direba, Tafo: Yaya, ka sa labarin bulala! Ni da shi na buɗe a na malaminmu, wurin ya kece da dariya.

Shugabar: Dariya tana da kyau, amma GES ta hana duka a makarantu, wakilinta kuma yana zaune. Ka duba fuskar Malam: in jama'a na dariya shi yana kallon ƙasa, ka ɓata masa rana.

Direba: To Hajiya, namu dai shi ya fi kowa dariya.

Wani Alhaji, Sabon Zongo: Ku gaya masa ya fara bin takardun SSNIT da wuri, kada a zo ana neman gyaran ranar haihuwa.

Ɗan Aboabo: Alhaji, jawabi nake tambaya, ba fansho ba. Amma zan isar.

Malama, Alabar: Ka tambayi iyalinsa shekarar da ya fara aiki. A namu mai jawabi ya ce Malam ya koyar a JSS tun 1985, alhali sai 1987 aka soma JSS a faɗin ƙasa. Tsofaffin malamai suka yi ta gunaguni, sauran maganarsa ba wanda ya ji. Sannan harshe fa? Rabin abokan aikinsa Tuwi da Turanci suke ji.

Shugabar: Gaisuwa da Turanci, labari da Hausa.

Malama: Hajiya, ai labarin ne ya kamata kowa ya ji. In ya maimaita da Turanci kuma lokaci ya ƙare.

Ɗan Aboabo: Malam kansa Asante ne, amma yana jin Hausa. Bari in tuntuɓi matarsa tukuna.