Idan Bai Ce "Ina Sonki" Ba, Mai Karatu Zai Gane?

Rukayya, Aboabo, Kumasi: Assalamu alaikum. Na rubuta wajen bankwana a labarina: Bashir zai tafi Tamale aikin koyarwa da asuba, sai ya zo gidan su Zainab bayan magariba. Shafi 4 ne, ba su taɓa juna ba, babu wanda ya furta so, sai kallo. Ƙawata ta ce wannan tsoro ne ba gwaninta ba, kuma marubucin da ya ɓoye kalmar so ya cuci mai karatu. Gaskiyarta ne?

Alhaji Musa, Alabar: Wa alaikumus salam. 'Yata, kin yi daidai da ba ki sa sun taɓa juna ba, domin 'ya'yanmu ne za su karanta, kuma duk abin da mutum ya rubuta za a tambaye shi a kansa. Kada ki saurari wannan ƙawar taki.

Nasiru, Asawase: Baba Alhaji, ba batun halal da haram take tambaya ba, ko ƙawar ma ba ta ce a rubuta batsa ba. Ni ina ganin tana da hujja. Mun tashi muna karanta littattafan soyayya da ake kawo mana daga Kano, kuma yawancin kawaicin da ke cikinsu gudun fushin iyaye da malamai ne da hukumar tace fina-finai, wadda daga baya ta sa hannu a harkar littattafai. Abin da aka yi bisa dole bai kamata a mayar da shi fasaha ba. Na sha karanta inda za a ce "suka haɗa ido, ta sunkuyar da kai" sau biyar a shafi ɗaya, ban ji komai a raina ba.

Malama Hadiza, Tafo: Nasiru, inda ka ce ba ka ji komai ba na yarda da kai, amma ba kawaici ne ya jawo hakan ba. Rukayya ta turo mini shafukan jiya na karanta su sau biyu. Na ƙirga, sun haɗa ido sau 9, kuma duk lokacin da suka haɗa sai marubuciya ta biyo da bayani, kamar "zuciyarta ta cika da ƙaunarsa". To kin ga, ƙanwata, ba ki ɓoye kalmar so ba, kin ƙwace ta daga bakinsu ne kin faɗa da naki bakin, shi ya sa mai karatu bai sami abin da zai gano da kansa ba.

Shiru ba ya yin nauyi sai mai karatu ya riga ya san abu biyu: abin da mutumin yake son faɗa, da abin da ya hana shi faɗa. Na farkon kin shimfiɗa shi tun babi na uku. Na biyun ne babu, domin kin zaunar da su su kaɗai a kan benci, babu abin da ya ɗaure musu harshe. Ki zaunar da ƙaninta a gefen bencin, ki sa mahaifiyarta tana jiƙa geron kokon gobe a tsakar gida, ƙofa kuma a buɗe. Sannan ki ba su wani ƙaramin abu da za su yi magana a kansa, wanda zai ɗauki nauyin babbar maganar. A babi na biyu Zainab ta taɓa aika masa da tuwo a kula lokacin da ya yi zazzaɓi, kulan kuma ba ta dawo ba. Ga yadda nake ganin za ta tafi:

"Ga kularku. Na riƙe ta da yawa."
"Ai ba mu nema ba."
"Inna za ta buƙace ta."
"Inna tana da wata." Ta murza murfin ta buɗe, ta tarar an wanke ta tas, ta mayar ta rufe. "An ce can hunturu ya fi na nan."
"Haka aka ce."
"To a sayi rigar sanyi a kasuwar Kejetia kafin a tafi. Can za ta yi tsada."
"Motar asuba zan bi."
"Ashe ba lokaci."

A nan ne za ki sa kallon, sau ɗaya tak, kuma ki bar shi ya kalle ta a lokacin da ita take kallon kulan. Idan ya miƙe zai tafi, ta ajiye kulan a gefensa na bencin, ta shige gida ba ta ɗauka ba. Kada ki ƙara jimla ko ɗaya ta bayani bayan wannan.

Hajiya Asabe, Sabon Zango: Malama, wannan "a sayi" da "a tafi" da kika sa a bakinta ya tuna mini da kaina. Marigayi maigidana ɗan maƙwabtanmu ne, tun muna yara nake kiran sunansa gatsal. Ranar da ya dawo daga Ankara ya yi sallama a ƙofarmu, na buɗe baki in kira shi sunan ya ƙi fita, sai na ce, "An dawo lafiya?" Mahaifiyata tana tankaɗe a bayana, ta dakata, ta dube ni, ba ta ce komai ba. Daga ranar har ya rasu ban sake kama sunansa ba. Rukayya, idan Zainab tana kiransa Bashir tun farkon littafi, ki cire sunan daga bakinta a daren nan.

Nasiru: Hajiya, Allah Ya jiƙan Alhaji. Amma ga inda nake da ja. Ke da Malama kun san alkunya, za ku ga sunan ya ɓace ku gane. Yarinya 'yar shekara 19 a Aboabo da ke karatu a waya, wadda rabin hirarta da Turanci da Asantanci take yi, tana kiran saurayinta da sunansa ko da wani na shagwaɓa. Ita ba za ta lura ba, za ta ga mutum biyu suna maganar kula da rigar sanyi ne kawai.

Malama Hadiza: Wannan ja ne mai ƙarfi, kuma ba zan ce ya kau gaba ɗaya ba. Abin da marubuci zai iya shi ne ya koya wa mai karatu alamar tun da wuri, cikin labarin kansa. A babin farko ƙanin ya tambayi Inna dalilin da ya sa ba ta taɓa faɗar sunan Baba ba, ta kore shi da muciya, Zainab tana dariya tana cewa ita kam ba za ta yi wannan tsohon yayin ba. Idan aka zo daren bankwana sunan ya maƙale mata, ko wanda bai tashi cikin al'adar ba zai tuna. Akwai kuma gwajin da nake yi wa nawa rubutun: in ɗauka cewa wa da ƙanwa ne suke wannan hirar. Idan komai ya zauna daidai a haka, to soyayyar ba ta shiga ba. A hirar kula, ƙanwa za ta karɓi kayan uwarta ta wuce, ba za ta bar shi a benci ba.

Nasiru: Duk da haka ina ganin a wani wuri cikin littafin dole ɗayansu ya furta. Mai karatu ya bi su shafi ɗari biyu, yana da haƙƙin ya ji da kunnensa.

Hajiya Asabe: Ni shekara 31 na yi da shi ban ji ba, kuma ban taɓa shakka ba.

Rukayya: Na gode, iyayena da yayyena. Na cire kallo 8 na bar ɗaya, na shigo da ƙanin da kulan. Maganar Yaya Nasiru kuwa tana nan a raina, domin akwai wasiƙar da Bashir zai aiko daga Tamale a babi na 12, kuma har yanzu ban yanke ko zai rubuta kalmar a ciki ba, ko kuwa zai ce mata kawai kulan tana wurinsa.