Taƙaitawar da manhaja ta yi min: in karanta ko in yar?

'Yar Aji Biyu: Assalamu alaikum. Saura kwana biyar mu rubuta jarrabawar tarihin zuwan Turawa Arewa. Handawut ɗin malam shafi 46 ne, na ɗauki hotonsa na sa a manhajar ƙirƙirarriyar basira, ta mayar min da shi shafi biyar. Ina cikin karantawa sai na ga an rubuta cewa an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903. Na koma handawut, Burmi na nan, 1903 na nan, amma babu rana babu wata. Shi ne hankalina ya tashi: me kuma ta ƙara da ban lura ba? 'Yan ajinmu suna jira in tura musu. In tura, ko in haƙura in koma shafi 46?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ki sayi ta kuɗi kawai, ta kyauta ce ke ƙarya.

'Yar Aji Biyu: Ta kuɗin ce, Yaya. Ta ƙawata na ara.

Malamin Sakandare: Ranar da ta ba ki daidai ce, a 27 ga Yuli aka yi yaƙin Burmi na ƙarshe. Amma kin yi gaskiya da kika tsorata, domin ba daga takardarki ta ɗauko ba, daga abin da aka horar da ita da shi ne. Yadda ta cusa gaskiya ba ta faɗa miki ba, haka za ta cusa kuskure, kuma a ido duk kamarsu ɗaya.

Ga yadda nake yi. Ki buga taƙaitawar a takarda, ki ja layi ƙarƙashin kowane suna, shekara da adadi. Kowanne ki nemo shi a handawut, ki rubuta lambar shafin a gefe. Wanda kika rasa, ki kewaye shi da jan biro. Daga taƙaitawa ake komawa handawut. Idan kika fara da handawut, abin da ta tsallake za ki gani, wanda ta ƙara kuwa ba zai taɓa fito miki ba tunda ba ya can. Shafi biyar ba zai kai ki awa biyu ba.

Ɗan Kwanar Dawaki: Ni wannan abu ya ja min maimaita kwas bara, har yau raina na ɓaci. Irin darasinku ne. Takardar malaminmu cewa ta yi sojojin Birtaniya sun ci Kano a Fabrairu 1903, shi ke nan. Taƙaitawa ta ce Lugga ne ya jagoranci sojojin da kansa, Sarki Alu kuma ya kare ganuwa har aka ci ƙarfinsa. Labari ya yi daɗi, na haddace, na cika shafi guda da shi. Ashe Kanar Morland ne ya ja rundunar, Lugga Babban Kwamishina ne, daga baya ya iso. Alu ma ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Malam ya kira ni ofis ya ce in nuna masa inda ya koya min haka. Na buɗe takarda ina ta juyawa, gumi na keto min. Mu takwas muka rubuta wannan amsar, don ni na raba a guruf, sai aka fara zargin satar amsa. Akwai wanda har yau ba ya amsa sallamata.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya kiyaye gaba. Amma kai ma Bakano guda, a ce ba ka san Alu ba ya gari ba?

Ɗan Kwanar Dawaki: Anti, 1903 ai ko kakana ba a haifa ba.

Injiniya: Ku daina wahalar da yarinya da jan biro. Ki buɗe fayil ɗin a kwamfuta, ki danna Ctrl+F, ki rubuta sunan. In bai fito ba, ƙari ne. Minti goma.

Malamin Sakandare: Injiniya, hoto ta ce ta ɗauka. Ctrl+F ba ya ganin rubutun cikin hoto sai an mayar da shi rubutu tukuna, kuma a fotokwafi mai dishi-dishi 1903 kan koma 1908. Ga bambancin rubuta suna: malam ya sa Fodio, manhaja ta sa Fodiyo, ka nema ka rasa ka ce ƙari ne. Gara a nemi guntun sunan, kamar `Fod`.

Akwai kuma ƙarin da ba suna ba ne, ba shekara ba. A ce handawut ya kawo kisan Kyaftin Moloney a Keffi a 1902, da guduwar Magajin Keffi zuwa Kano, sannan a wani sakin layi ya kawo cin Kano, ya ce wasu masana na ganin Turawa sun fake da wannan ne. Taƙaitawa sai ta haɗe su: an ci Kano saboda kisan Moloney. Duk sunayen suna cikin handawut, bincike zai ce lafiya lau. Amma "saboda" ɗin nata ne, "wasu masana na ganin" kuma ta haɗiye shi. A tarihi nan makin yake.

Injiniya: Malam, da girmamawa, ku zamanin allo da alli kuka yi karatu. Ana iya sa ta kawo jimlar asali da lambar shafi a gaban kowane batu.

Hajiyar Laburare: Yana taimakawa, na gwada. Sai dai a cikin jimloli goma sha biyu da ta ce ta kwafo, biyu ban same su a takardar ba, ɗaya kuma shafin da ta ambata ba shi ba ne. Dole dai ka koma ka duba da idonka. Kuma zamanin allon ne ya koya wa Malam bin layi da yatsa, kada ka rena.

Baban Khalifa: To a ba wata manhajar ta duba ta farkon mana.

Hajiyar Laburare: In ba ka ba ta handawut ɗin ba, ranar Burmi za ta wuce tunda gaskiya ce. Tambayar yarinyar nan ita ce ko malaminta ya faɗa.

'Yar Aji Biyu: Na gode ƙwarai. Na fara, shafi biyu na gama, jan biro uku, ɗaya irin "saboda" ɗin da Malam ya faɗa. Amma wanda yake gaskiya kuma babu a handawut, kamar ranar nan, in rubuta a jarrabawa?

Malamin Sakandare: In kin tabbatar a littafi, ni zan ba ki maki.

Ɗan Kwanar Dawaki: Kada ki soma. Akwai malamin da abin da ke takardar makinsa kaɗai yake bi.

Maman Ilham: Nawa ake bugawa yanzu? Jiya naira 50 shafi aka buga wa 'yata.

Injiniya: 100 ne a wajenmu in da janareta. 50 fotokwafi ne.

Baban Khalifa: Mu 30 ne fotokwafi. Abin da ke ci min rai handawut ɗin kansa. Ƙanina ya saya dubu biyu da ɗari biyar, an yi ta kwafa daga kwafi har layin ƙasa ya yanke a kusan kowane shafi. Mutum ma bai iya karantawa ba, ina ga na'ura?

Hajiyar Laburare: Wurin da ya yanke shi ne ya fi haɗari, don tana iya cike gurbin da abin da ya yi kama da daidai. Ƙanwata, naki duk shafukan sun fita?

'Yar Aji Biyu: Na 17 da na 18 rabi baƙi ne, Hajiya. Kuma a nan ne batun Burmi yake. Wa ke da kwafi mai kyau na kwas ɗin nan?

Ɗan Kwanar Dawaki: Nawa na bara ne, kuma an ce malam ya sauya babi biyu don kada a yi amfani da tsoho. Sai kin sayi sabo wajen wakilin aji, in bai ƙare ba.