Dabarar Kati 21: Abin da Masana Suka Yi Ittifaƙi a Kai

Da masana suka tattauna dabarun karta masu tafiyar da kansu, mafi rinjayensu sun ce mai koyo ya fara da ta kati 21, wadda ake gano katin da mai kallo ya riƙe a ransa, don lissafi ne zalla, ba saurin hannu.

Ka raba katunan kashi uku, fuska a sama, ɗaya-ɗaya daga hagu zuwa dama, har kowane kashi ya samu 7. Mai kallo ya riƙe ɗaya a ransa, ya nuna kashin da yake. Ka tattara, kashinsa a tsakiya. Sau uku za a yi haka, katinsa kuwa shi ne na 11.

Ga dalili: tattarawar farko takan ajiye katin tsakanin na 8 da na 14. A ce na 13 ne. Rabo na biyu zai sa shi na biyar a kashin farko, in an tattara ya dawo na 12. A rabo na uku ya zama na huɗu a kashinsa, bakwai da huɗu kuwa 11.

Inda ake yin tuntuɓe, in ji su, shi ne zuba bakwai a kashi ɗaya lokaci guda, ko barin jerin kashi ya hargitse wajen kwasa. Wani ya ƙara da cewa kada a maimaita wa mutum ɗaya, zai gano gurbin.