Na wuce adadin da aka ce in sayar, amma asara na ƙirga

Alhaji Sabo Mai Tukuba: Jama'a, lissafin 'yan boko ƙarya ne. Ɗan ƙanwata ya lissafa min cewa in na sayar da kaya 1,250 a wata, wato cinikin ₦1,350,000, tukubata ta Agege za ta tashi ba riba ba asara. A watan Yuni na sayar da 1,710, ciniki ₦1,370,000, amma ₦22,000 ta yi ɓatan dabo. Tsire ₦500, ƙunshin kilishi ₦2,000, gasasshiyar kaza ₦9,000. Kuɗin dole na wata ₦410,000.

Malam Nura Akanta: Alhaji, ranka ya daɗe, kalmar ƙarya ta yi nauyi. Ba mu kuɗin da kake kashewa a kan kowane ɗaya, da yawan kowanne da ya fita.

Alhaji Sabo Mai Tukuba: Tsire ₦350, kilishi ₦1,200, kaza ₦7,000, da nama da yaji da mai da takarda. Ya fita: tsire 1,600, kilishi 60, kaza 50.

Ɗanliti Mile 12: Ni na goyi bayan Alhaji. Abin da aka ce zai faru bai faru ba, meye sunansa in ba ƙarya ba?

Malam Nura Akanta: To ga inda gizo ke saƙar. Rarar tsire ɗaya ₦150, ta kilishi ₦800, ta kaza ₦2,000. Na gwada lambobin, na ga yaron ya ɗauka cewa duk lokacin da tsire 20 suka fita, kilishi 4 da kaza 1 za su bi su. Ka ɗauki wannan a matsayin kwando guda mai kaya 25. Rarar tsirensa ₦3,000, ta kilishi ₦3,200, ta kaza ₦2,000, jimla ₦8,200. Raba ₦410,000 da ₦8,200, kwando 50 ke nan: tsire 1,000, kilishi 200, kaza 50. Daga nan 1,250 ta fito. Ba kowace 1,250 ba ce, wannan haɗin ne kaɗai.

A Yuni kuwa kilishi ya faɗo daga 200 zuwa 60. Ƙunshi 140 da suka ɓace sun tafi da rarar ₦112,000. Ƙarin tsire 600 da aka samu ₦90,000 kawai suka kawo. Bambancin ₦22,000, daidai da abin da Alhaji ke nema. Kilishi ɗaya sai an sayar da tsire fiye da biyar kafin a rama shi.

Bashir Obalende: Malam Nura ka cika dogon turanci. A haɗa 150 da 800 da 2,000 a raba uku, ₦983. A raba ₦410,000 da shi, kaya 417 sun isa. Alhaji ya ninka haka sau huɗu, don haka hannu ake sa masa a aljihu. Ya binciki yaransa.

Hajiya Rabi Idi-Araba: Bashir, ka ji tsoron Allah, kada ka ɗora wa 'ya'yan mutane sata. Raba uku ɗin nan naka yana nufin duk tsinke ɗaya da aka saya, an sayi kaza guda. A wace tukubar ka taɓa ganin haka? Dole kowace rara a auna ta da yawan fitarta. A lissafin yaron, ₦8,200 a raba 25, ₦328 kowane kaya. A ainihin Yuni, ₦388,000 a raba 1,710, kusan ₦227. Da wannan haɗin sai ya sayar da wajen 1,807 kafin ya tashi canjaras, ciniki kusan ₦1,450,000.

Ɗanliti Mile 12: Kin ga ni? Ke da bakinki kin canza lambar. Jiya 1,250, yau 1,807. Gaskiya tana canza riga ne?

Hajiya Rabi Idi-Araba: In na ce maka daga Agege zuwa Oshodi minti kaza ne in hanya a buɗe take, sai ka faɗa cunkoso, ƙarya na yi maka?

Ɗanliti Mile 12: In ba ki gaya min sharaɗin ba, e.

Malam Nura Akanta: A nan Ɗanliti yana da ɗan gaskiya. Duk mai ba da wannan lissafi ya rubuta adadin kowane kaya daban, ba jimla kaɗai ba. Jimlar ce ta yaudari Alhaji. Ita ma jimlar kuɗin ciniki haka take, don a kowace ₦100 kilishi na barin ₦40, tsire ₦30, kaza kusan ₦22. Ciniki iri ɗaya, abin da ke saura daban.

Sani Maradi: Ba wanda ya tambayi me ya kayar da kilishin. Yuni tsakiyar ruwa ne a Legas. Naman da aka yanyana aka shanya a kan asabari yana son rana mai ƙarfi. A nan sai ya wuni da danshi, ka danna shi da yatsa ya lotsa. Ƙunshin da za a yi ya ragu. Ai kilishin gaske ma sai namu na Nijar.

Bashir Obalende: Kai dai Sani ko maganar fetur ake yi sai ka sako Nijar. Je ka Agadasawa a Kano ka ci, ka dawo mu yi magana.

Sani Maradi: Su wa suka koya musu?

Kawu Isa Alaba Rago: Ku bar wannan. Alhaji, me ke cikin ₦410,000 ɗin?

Alhaji Sabo Mai Tukuba: Haya ₦1,200,000 a shekara, ₦100,000 a wata. Yara uku ₦180,000. Wuta da man janareta ₦90,000. Gawayi ₦40,000.

Kawu Isa Alaba Rago: Ga kuskuren nan. Gawayi ba kuɗin dole ba ne, da yawan gashi yake tafiya. A cire shi, asarar ta zama ribar ₦18,000.

Hajiya Rabi Idi-Araba: Kawu, a cire shi a kai ina? An saya, an ƙona. In ka fitar da shi daga kuɗin dole sai ka ɗora shi a kan tsire da kaza, rararsu ta ragu. Asarar Yuni tana nan ₦22,000. Abin da zai motsa shi ne adadin da ake hari. Kuma wutar tukuba da an hura ta da yamma tana ci har dare ko mai saye bai zo ba, don haka rabinsa dole ne, rabinsa bin ciniki.

Kawu Isa Alaba Rago: 'Yar nan, shekara nawa kika yi a bakin tukuba?

Malam Nura Akanta: Alhaji, giɓin nan ana cike shi da kilishi 28, ko kaza 11, ko tsire 147. Ka sa a yi maka kwando biyu, na rani da na damina, kuma kowace Juma'a a ƙirga kilishi nawa ke bin tsire 20. In ya gaza 4, tun lokacin ka san 1,250 ba taka ba ce.

Ɗanliti Mile 12: Tunda ni ne shugaban zauren, bari in rufe. An yarda lambar da aka ba Alhaji ba ta yi aiki ba, Malam Nura da kansa ya ce ina da gaskiya, kuma gawayi an sa shi inda bai dace ba. 'Yan boko su riƙa tambayar 'yan kasuwa kafin su taɓa kalkuleta.

Malam Nura Akanta: "Ɗan gaskiya" na ce.

Alhaji Sabo Mai Tukuba: To ni yanzu in ƙara wa tsiren kuɗi ne, ko in yo odar kilishi daga Kano?